Cire gurbi daga shafi ko hana izinin ganinsa: wanne ke ɓoye lambar waya?

"Muna amfani da Salesforce, manhajar adana bayanan abokan ciniki. Ina so ma'aikatan wucin gadi su daina ganin lambar wayar abokan ciniki da rangwamen da muke yi musu. Shin in cire guraben daga Page Layout ya wadatar, ko sai na taɓa Field-Level Security?"

Malama, na farkon ba zai wadatar ba. Page Layout aikinsa tsara abin da ke fitowa a shafin mutum ne kawai. In kin cire gurbin lambar waya daga can, ma'aikaci ba zai gan ta ba idan ya buɗe shafin, amma izininsa na karanta ta yana nan daram. Zai iya haɗa rahoto ya sa ginshiƙin Phone, zai iya ƙara shi a List View, kuma in yana da damar fitar da rahoto sai ya sauke lambobin duka cikin fayil ɗaya. Labule kika saka, ƙofar tana buɗe.

Field-Level Security kuwa yana cire izinin ne daga tushe. Gurbin zai ɓace a shafi da rahoto da List View, kuma manhajar da ta nemi gurbin ta API, wato hanyar da wasu manhajoji ke karɓar bayanai daga Salesforce, da sunan wannan ma'aikaci za ta samu amsar cewa babu shi. Ki shiga Setup, sai Object Manager, Contact, Fields & Relationships, ki zaɓi Phone, ki danna Set Field-Level Security. Akwatuna biyu za ki gani gaban kowane Profile, wato tsarin izinin da ake ɗora wa asusun kowane ma'aikaci. Cire alamar Visible yana ɓoye gurbin ɗungurungum, sa alamar Read-Only kuma yana barin mutum ya gani ba tare da ya iya canzawa ba. Ki lura, ba Role ke iko da wannan ba. Role yana shafar bayanan waɗanne mutane ma'aikaci zai iya buɗewa, guraben cikin bayanan kuwa Profile da Permission Set ne ke riƙe da su. Permission Set ƙari yake yi, ba ya ragewa, don haka ki rufe gurbin a Profile, sannan ki buɗe shi da Permission Set ga waɗanda aikinsu ke buƙata. In kin rufe amma wani yana gani har yanzu, ki fara duba Permission Set ɗin da aka taɓa ba shi.

Ga lambar waya, inda aka fi tuntuɓe shi ne ba a gurbi ɗaya take zaune ba. A Contact kaɗai akwai Phone, Mobile, Home Phone da Other Phone, kuma Lead da Account kowanne da nasa. Rufe ɗaya ba ya rufe sauran. In kuma ma'aikatan na buƙatar tantance mai kira, ki rufe ainihin gurbin ki ƙirƙiri gurbin Formula mai nuna lambobi huɗu na ƙarshe:

```
"******" & RIGHT(MobilePhone, 4)
```

Wannan yana aiki ne domin gurbin Formula yana karanta gurbin da aka ɓoye, ya nuna sakamako ga duk mai izinin ganinsa shi kansa. Ta nan kuma ɓarakar ke zuwa: in akwai tsohon Formula da ke kwafo lambar cikakkiya, sai an rufe shi daban.

Rangwame ya fi wuya, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Ki ɗauka farashin kaya a jadawali 200 ne, abokin ciniki ya sayi guda 10, an yi masa rangwamen kashi 15 cikin ɗari. Kin ɓoye Discount, amma List Price da Quantity da Total Price suna fili: 200, 10, 1,700. Duk mai kalkuleta zai ga 300 sun fita daga 2,000, wato kashi 15 ɗin da kika ɓoye. Saitin bai gaza ba, lissafi ne ya tona. Ko dai ki ɓoye jimillar ita ma, ko kuma, in waɗannan ma'aikata ba ruwansu da ciniki, ki hana su ganin Opportunity, wato sashen bayanan ciniki, gaba ɗaya. Na biyun na fi so, domin ba ya barin saura. In kuwa damuwarki kada su canza rangwamen ne, Read-Only ya isa.

Page Layout yana da nasa amfani: rage cunkoso a shafi, yadda mai amsa kira ba zai yi ta laluben gurbi ba. Bayan kin gama saitin, kada ki gwada da asusunki na mai gudanarwa. Ki shiga da asusun gwaji mai Profile ɗin ma'aikatan, ki haɗa sabon rahoto a kan Contacts, ki nemi Phone da Mobile a jerin ginshiƙai. In sun fito, ba su rufu ba.