Mayar da sakin layin rahoto zuwa jerin ɗigo: a datsa shi ko a sake gina shi?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani a yankin Dadin Kowa. Shugabanmu ya ce rahotona ya cushe, in mayar da shi ɗigo-ɗigo kafin taron mambobi. In datsa shi a kowace aya ne kawai, ko in sake rubutawa? Tsorona kada wani adadi ya salwanta. Ga sakin layin:

A noman rani na 2024/2025, ƙungiya ta yi wa manoma 120 rajista, 45 daga cikinsu mata ne. An raba buhun taki 300 a bashi, NPK 180 da yuriya 120, a kan ₦40,000 kowane buhu, ban da kuɗin mota ₦150,000 da ƙungiya ta biya daga asusunta. Ya zuwa 31 ga Mayu, manoma 96 sun biya bashinsu gaba ɗaya, 15 sun biya rabi, sauran kuma ba su biya komai ba saboda ruwa ya yanke a gonakinsu na kusan mako 3. An girbe kimanin buhun shinkafa 2,400, wanda ya fi na bara da kashi 20 cikin 100, ko da yake filin da aka noma ya ƙaru daga hekta 50 zuwa 64."

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Sake ginawa ya fi, amma gara ka ga hanyoyin biyu a kan rubutunka, sai ka yanke hukunci da kanka.

Ga abin da datsawa take haifarwa, musamman idan mutum yana gaggawa yana kuma rage kalmomi don layukan su gajarta:

- Manoma 120 da mata 45
- An raba taki buhu 300
- ₦40,000 kowane buhu, da kuɗin mota ₦150,000
- 96 sun biya, 15 rabi
- Ruwa ya yanke mako 3
- Shinkafa buhu 2,400
- Ƙarin kashi 20 cikin 100
- Fili hekta 64

A ido ya yi tsaf, shugaba ma zai iya cewa madalla. Amma duba layin farko. Wanda bai ga asalin rahoton ba zai tara 120 da 45 ya ce mutum 165 ne, domin "daga cikinsu" ta faɗi. Duka alƙaluman biyu suna nan, amma ma'anar ta canza. A layi na uku "ban da" ta koma "da", kuma an daina faɗin wanda ya biya kuɗin motar. Manomin da ya karanta haka yana da hujjar tsayawa a taro ya tambaya ko shi za a ɗora wa ₦150,000 ɗin, kuma ka san yadda maganar kuɗi take rikita taro.

Wanda ya fi damuna shi ne layin ruwa. A rubutunka, yankewar ruwa dalili ce da ta shafi rukuni guda, waɗanda ba su biya komai ba. A jerin nan ta tsaya ita kaɗai kamar masifa ce da ta auka wa gonakin kowa, su kuwa mutanen da abin ya shafa sun ɓace daga rahoton baki ɗaya, tunda "sauran" ba lamba ba ce da ido zai neme ta. An zalunce su sau biyu ke nan: ba a ambace su ba, ba a kuma faɗi uzurinsu ba. Sannan 180 da 120 na taki, da ranar 31 ga Mayu, da hekta 50, da shekarar kanta, duk sun tafi.

Hanya ta biyu tana farawa ne kafin a rubuta ɗigo ko ɗaya. Ka ɗauki biro ka zagaye kowane adadi a sakin layin, ka ƙidaya. A naka akwai 16 da aka rubuta da lamba, idan aka ɗauki 2024/2025 a matsayin ɗaya, kashi 20 cikin 100 ma ɗaya, sai "rabi" da aka rubuta da kalma, ya zama 17. Ka rubuta 17 a gefen takarda. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin ƙananan kalmomin da suke riƙe da alƙaluman: daga cikinsu, kowane, ban da, ya zuwa, gaba ɗaya, sauran, saboda, kusan, kimanin, ko da yake, daga da zuwa. Waɗannan su ne suke zubewa ba a sani ba, domin mai taƙaitawa yana ganinsu kamar ciko.

Sai ka zaɓi ƙira guda da kowane layi zai bi. A nan na zaɓi suna a gaba, ruwa biyu, sannan bayani:

Noman rani na 2024/2025

- Rajista: manoma 120, 45 daga cikinsu mata.
- Takin bashi: buhu 300, wato NPK 180 da yuriya 120, a kan ₦40,000 kowane buhu.
- Kuɗin mota: ₦150,000, ba ya cikin kuɗin buhu, ƙungiya ta biya daga asusunta.
- Girbi: kimanin buhun shinkafa 2,400, ya fi na bara da kashi 20 cikin 100, ko da yake fili ya ƙaru daga hekta 50 zuwa 64.

Biyan bashi ya zuwa 31 ga Mayu

- Sun biya gaba ɗaya: manoma 96.
- Sun biya rabi: manoma 15.
- Ba su biya komai ba: sauran, saboda ruwa ya yanke a gonakinsu na kusan mako 3.

Ƙidaya ka gani, 17 ɗin suna nan. Ka lura na kasa jerin gida biyu. Layukan biyan bashi uku ne masu kama da juna, kuma rana ɗaya ce ta rufe su duka, don haka ranar ta hau kai ta zama kanun jerin. Da na manna ta a layin mutum 96 kaɗai, da mai karatu ya zaci sauran layukan biyu ba su da rana. Haka shekarar ma, ta hau sama domin ta shafi komai.

Abin da ake nufi da layuka su jitu shi ne wannan: idan layin farko ya fara da suna, duk su fara da suna, idan da aiki ya fara kamar "sun biya", duk su bi sahu. Jerin farko ya gauraya, wani layi ya fara da "an raba", wani da kuɗi, wani da lamba tsura, shi ya sa mai karatu yake sake neman kan zance a kowane layi. Gwajin da sauƙi yake. Ka karanta kanun jerin da baki, ka haɗa shi da kowane layi ɗaya bayan ɗaya. Layin da ya ƙi zama a bakinka, ko dai ƙirarsa ta bambanta, ko ba gidansa ba ne.

To amma jituwar tana da tarkonta, kuma a layin girbi yake. Ya fi sauran tsawo, hannu zai yi ta ƙaiƙayin raba shi biyu, girbi daban, fili daban, don layukan su yi kai ɗaya. Kada ka yi. In girbin bana 2,400 ne kuma ya fi na bara da kashi 20 cikin 100, na bara ya kama wajen buhu 2,000 ke nan. Raba 2,000 a hekta 50, buhu 40 a kowace hekta. Raba 2,400 a hekta 64, buhu 37 da rabi. Wato amfanin kowace hekta raguwa ya yi, ƙarin fili ne ya ɗaga jimillar. Wannan gargaɗin ne ka ɗora a kan "ko da yake". Idan ka raba layin, labari mai gargaɗi ya koma albishir biyu, ƙarin girbi da ƙarin fili, mambobi su tafa su watse ba wanda ya tambayi abin da ya sami gonakin. A ganina layi mai tsawo ya fi wannan sau goma. Tsarin jimla ne ake daidaitawa, tsawonta kuwa ya danganta da abin da ta ɗauko.

Akwai kuma kuskuren ƙari, wanda masu ƙwazo suka fi faɗawa. Za ka ga "sauran" ta yi banbaraƙwai a tsakanin 96 da 15, sai ka ɗebe su daga 120 ka rubuta 9. Lissafin daidai ne, amma sakin layinka bai ce duk wanda aka yi wa rajista ya karɓi taki ba. In mutum 112 ne suka ci bashin, sauran mutum 1 ne, ba 9 ba. Ka buɗe littafin bashi tukuna. In ya tabbatar da 9, ka gyara asalin rahoton sannan ka sa a jerin, don takardun biyu su faɗi magana ɗaya. Haka ma ₦12,000,000 da za ka samu in ka ninka 300 da ₦40,000, da buhu 37 da rabin da na lissafa a sama: masu amfani ne, amma sababbi ne, sai da sanin shugaba da ma'aji za su shiga. Kuma inda ka rubuta "an raba", kada ya koma "shugaba ya raba" don kawai layin ya sami mai aiki.

Ban ce datsawa ba ta da rana ba. Sakin layin da yake lissafa kayan da aka saya, kujeru kaza, tabarmi kaza, bokiti kaza, babu "saboda" babu "ban da" a cikinsa, datsa shi ya wadatar, minti biyu ka gama. Alamar ita ce layukan da ka ja a ƙarƙashin kalmomi: in sun yi yawa kamar a naka, ginawa ake yi.

In a Word kake aiki, kwamfuta za ta taya ka ƙidayar. Danna Ctrl+H, ka koma shafin Find, ka rubuta wannan:

```
^#
```

Sai ka zaɓi Reading Highlight, sannan Highlight All, duk wata lamba za ta haskaka, a tsohon sakin layin da sabon jerin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ba za ta kama "rabi" ba, ko "sulusi", ko "sauran", waɗannan aikin idonka ne.

Kafin ka kai wa shugaba, ka ba ma'aji jerin shi kaɗai, ba tare da asalin ba, ka yi masa tambaya huɗu: mambobi nawa ne duka, wa ya biya kuɗin mota, su wa ruwa ya yanke wa, kuma gona ta fi bara albarka ko kuwa. In ya ce 120, ƙungiya, waɗanda ba su biya ba, sannan ya tsaya yana lissafin hekta, jerin ya isa a karanta a taro.