Sharhi kan fulamban da ya yi mana cemba: gangara ta yi, cembar kwana ce matsalar

Aikin da na ba shi shi ne ya cire tsohon fayif ɗin banɗakin baya, ya shimfiɗa sabo mai inci 4 har zuwa sokawe, ya gina cemba, wato ramin duba fayif mai murfi, a duk inda ya kamata. Layin yana bin jikin bango mita 8, ya sha kwana a kusurwar gida, sannan ya miƙe mita 12. A tsakiyar wannan miƙewar ne fayif ɗin kicin yake shigowa. Wanda ya yi na farko gwiwa kawai ya sa a kwanar ya zuba kankare a kai, shi ya sa duk sanda ta toshe sai dai a fasa ƙasa ana lalube.

Gaskiya farkon zuwansa ya burge ni. Kafin a sa diga a ƙasa sai da ya je bakin sokawe ya auna zurfin inda fayif zai shiga, daga nan ya dawo da lissafinsa baya da tiyon ruwa. Da na tambaye shi dalili ya ce: "Maigida, bakin sokawe ba ya motsi. Shi ne yake faɗa mini zurfin kowace cemba, ba ni nake zaɓa ba." Gangarar da ya bayar 1 cikin 40 ce, wato a kowace mita ɗaya fayif ya sauka santimita 2.5. A gindin banɗaki ƙasan fayif yana santimita 45 daga saman ƙasa. Bayan mita 8 ya sauka santimita 20, don haka cembar kwana ta zama santimita 65. Sauran mita 12 suka ƙara santimita 30, fayif ya shiga sokawe a santimita 95. Filin namu shimfiɗaɗɗe ne, lissafin ya fito daidai, kuma na sa tef na gani da idona. A wurinsa na fara jin cewa zurfin cemba daga murfi ake auna shi zuwa ƙasan kwarin da ruwa yake bi, ba zuwa bayan fayif ba.

Inda ya ajiye su ma ban ga abin kushewa ba: ɗaya a kwana, ɗaya a mahaɗar kicin. Na so ya ƙara wata tsakanin banɗaki da kwana, ya ce ɓarnar bulo ce, mita 8 a miƙe ba ta bukatar komai. A cewarsa cemba tana zama ne inda layi ya karkata, ko inda wani ya haɗu da shi, ko inda gangara ko faɗin fayif ya canza, sai kuma in miƙewar ta yi tsawon da sandunan zungura ba za su kai ba. A can kan layin, bayan banɗaki, maimakon cemba ya sa bakin zungura: ya ɗago ƙarshen fayif da gwiwa mai digiri 45 har saman ƙasa, ya rufe da murfi mai murɗawa. A lokacin na raina abin, ganinsa nake kamar tsimin siminti ne kawai.

Har na fara ba mutane lambarsa. Sai ga shi wata safiya masai ya ƙi janye ruwa, yana cika ya sauka a hankali yana ƙugi. Na ɗaga murfin cembar kicin, ƙasanta a bushe, ba abin da yake wucewa ko da an zuba bokiti daga banɗaki. Na ɗaga ta kwana, ta cika har kusan baki. Ta sama a cike, ta ƙasa wayam, to ai ba sai an faɗa ba, toshewar tana tsakaninsu ne ko kuma a bakin fitar ta kwanar. Har nan cembobin sun yi aikinsu, domin cikin minti kaɗan na san inda matsalar take ba tare da an taɓa kankare ba.

A nan ne raina ya ɓaci. Da muka kwashe ruwan muka zo sa sanda, ta ƙi shiga. Cikin cembar santimita 30 ne kowane gefe, zurfi kuma 65. Sandar zungura sai ta lanƙwasa kafin ta kama bakin fayif, kuma a rami mai wannan ƙunci da wannan zurfi ba ta da wurin lanƙwasawa, sai dai ta caki bango. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu, yatsuna suna taɓa ƙasan da kyar, kafaɗa ta cike bakin, ba na ma ganin abin da nake taɓawa. Irin wannan faɗin na ƙaramar cemba ne wadda ba ta wuce santimita 60 ba. Da zarar ta wuce haka ya kamata ciki ya kai santimita 45, kuma in ta zarce mita 1.2 an shiga maganar wadda mutum zai sauka ciki. Mutumin da ya iya lissafin gangara haka, ban yarda bai san wannan ba. Gwargwado ɗaya ya gina su duka, har da ta kicin da ta kai santimita 80, don kawai murafen da ya sayo su zauna.

Kuma da na haska da tocila sai na ga asalin abin da ya jawo toshewar. Bai yi kwari a ƙasan cembar kwana ba. Fayif ya shigo ta wannan bango, ya fita ta wancan, tsakaninsu daɓe ne shimfiɗaɗɗe, ga wani dunƙulen busasshen siminti a leɓen fayif ɗin fita. Ruwa yana shigowa ya bazu ya rasa ƙarfinsa, ƙazanta da takarda su zauna a kusurwa, su taru har su rufe bakin. Abin da ake yi shi ne a zana rabin fayif a ƙasan, ya lanƙwasa a hankali ya bi kwanar, a ɗaga gefe da gefe da siminti mai santsi yana gangarowa cikin kwarin, don duk abin da ya fantsama ya zame ya koma. Aikin awa ɗaya ne da cokalin gini. Shi ne bai yi ba, a cembar da ta fi kowace bukatarsa.

Abin da ya cece mu bakin zungurar nan ne da na raina. Daga can sandunan suka shiga sumul saboda gwiwar digiri 45, muka yi ta ɗaura su ɗaya bayan ɗaya muna murɗawa dama (in ka murɗa hagu za ta kwance ta bar maka rabi a cikin fayif), har kan ya ɓullo a cembar kwana ya tura cushen. A kan wannan kam na sara masa.

Da na kira shi bai yi gardama ba, ya zo ya ce: "Ranka ya daɗe, yarana ne suka yi daɓen, ban duba ba." Ya fasa dunƙulen, ya yi kwari, tun daga nan ruwa yake wucewa lafiya. Amma maganar faɗaɗa cembobin ya ce sai dai a rushe a sake, kuma sabon aiki ne da sabon kuɗi. Layin da ke tsakanin cembar kicin da sokawe yanzu ba ta inda sanda za ta shiga shi kai tsaye, sai an turo ta tun daga bayan banɗaki ta ratsa kwana, kuma ba kowace sanda take jure wannan ba. Murfin ta kicin ma ya zaunar da shi ƙasa da daɓen tsakar gida kaɗan, in an yi ruwan sama yashi yana taruwa a kansa.

Wanda zai ba shi aiki ya bar masa awo da gangara, a nan ba shi da na biyu cikin waɗanda na gani. Amma kada a biya shi ragowar kuɗi sai an buɗe kowace cemba, an zuba bokiti daga banɗaki an ga ruwan ya bi kwari, kuma an gwada sanda ta shiga ta kowane baki, sama da ƙasa. Ni har yanzu muna kan maganar wa zai biya kuɗin bulon sake ginin.