Kamfa 15-15-15 ko 20-10-10, da irin da za a shuka a rabin hekta

Tambaya: "Salamu alaikum. Ina da rabin hekta a wajen Giwa, masara zan sa bana. Mai shago ya nuna mini kamfa iri biyu, 15-15-15 da 20-10-10, na biyun ya fi sauƙin kuɗi. Haka iri, akwai na leda mai tambari, akwai na awo a kasuwa. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki 15-15-15, ka haɗa da yuriya, kuma lambobin jikin buhun ne za su nuna maka dalili. Lamba ta farko naitirojin ce mai sa ganye ya yi kore shar, ta biyu fosfaras mai kafa saiwa, ta uku fotash mai ƙarfafa kara da cika tsaba, kuma kowace lamba kashi ne cikin ɗari na nauyin buhun. Saboda haka buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowanne, shi kuwa 20-10-10 kilo 10 ne na naitirojin, sauran biyun kilo biyar-biyar kawai.

Abin da malaman gona suka saba ba wa mai masara shawara a yankinmu shi ne kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash a hekta guda, wato kai rabin wannan kake nema. Buhu huɗu na 15-15-15 za su cika maka fosfaras da fotash, su ba ka rabin naitirojin, sai ka cike ragowar da buhu ɗaya da 'yan tiyoyi na yuriya, domin buhunta kilo 23 na naitirojin ne, ko ta Indorama ce ko ta Dangote, muddin an rubuta 46 a jiki. Da 20-10-10 kuwa sai ka sayi buhu shida kafin ka kai wannan ma'auni, don haka kuɗin buhu shida za ka gwada da na huɗu da yuriya, ba buhu da buhu ba.

Ni kaina shekara uku ke nan ina bin tsarin farko a gonata ta Soba. Kwana goma bayan shuka nake tona ɗan rami kusa da gindi in zuba kamfa in rufe, sai a mako na biyar in bi da yuriya idan ƙasa na da laima. Bara da na shiga gonar lokacin goyo, kara ya fi ni tsayi, ganye kore har ƙasa, maƙwabcina ya tsaya bakin kunya yana tambayar maganin da na sa. Shi 20-10-10 ba jabu ba ne, yana aiki idan an sa isasshe, amma shekarar da na sa buhu uku don arha sai da gefen ganyen ya koma ja-ja tun masarar na ƙarama.

Batun iri kuwa, kada ka kusanci na awo ko da an rina shi ja, domin launi ba shaida ba ce. Ka nemi ledar da ke da katin hukumar iri ta ƙasa, NASC, mai ruwan bula, ka karanta sunan irin, lambar rukuni, kashin tsiro da ranar gwaji. Idan akwai tambarin SEEDCODEX, ka kankare shi a gaban mai shagon, ka tura lambar inda aka rubuta, ka jira amsa kafin ka miƙa kuɗi. Kilo 10 ya ishi gonarka. Idan tana fama da wuta-wuta, ka tambayi SAMMAZ 15 na cibiyar bincike ta Samaru, wanda kuma za ka iya ajiye irinsa ka sake shukawa baɗi, saɓanin iri mai aure da sai ka sayi sabo kowace damina. Ko da kati, ka ƙirga tsaba 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara na mako guda. Idan waɗanda suka tsiro ba su haura 80 ba, ka mayar masa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sake ɗinkin buhu, don wani dillali ya taɓa sayar mini da buhun da ya gaza da kilo kusan biyar. Ka duba bakin buhun ko akwai tsofaffin hudojin allura, ka sa a ɗora shi a sikeli, sannan ka jiƙa ɗan cokali na yuriyar a kofin ruwa: ta gaskiya narkewa take yi tas, ruwan ya yi sanyi, ba ta barin yashi a ƙasan kofi. Ka karɓi rasit mai sunan shagon, kuma ka ajiye ledar irin da katinta har masarar ta tsiro.