Kusurwa guda ko gefe guda: lissafi biyu kafaɗa da kafaɗa

"Malam, barka da war haka. Ɗalibarku ce daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. Na bi hanyar zane don neman riba mafi yawa, sai layin ribar ya kwanta bisa gefe ɗaya, kusurwa biyu suka ba ni amsa iri ɗaya. Ina na kuskure?"

Ɗiyata, aikinki daidai yake. Mu ɗauki tela guda, mu yi masa lissafi sau biyu.

Yana da awa 40 da yadi mita 60. Wando (x) yana cin awa 1 da mita 3, riga (y) awa 2 da mita 2:

```
x + 2y ≤ 40
3x + 2y ≤ 60
```

Kusurwoyin yankin da ya cika sharuɗɗan biyu su ne (0,0), (20,0), (10,15) da (0,20).

A na farko, ribar wando jikka 3 ce, ta riga jikka 4, wato Z = 3x + 4y. Kusurwoyin suna ba da 0, 60, 90 da 80. In kika tura abin ja-layi daga (0,0) zuwa waje, wurin da zai taɓa na ƙarshe ɗigo guda ne, (10,15).

Yanzu ribar wando ta sauka zuwa jikka 2, Z = 2x + 4y. Sai ki ga 0, 40, 80 da 80. Dubi Z da kyau: sharaɗin lokaci ne aka ninka biyu, 2(x + 2y). Ma'ana, kowace awa jikka 2 take kawowa, ko wando ya ɗinka a cikinta ko riga. Muddin ya cinye awa 40 ɗin, ribarsa jikka 80 ce. Shi ya sa layukan biyu suke da gangara ɗaya, −1/2, alhali a na farko gangarar ribar −3/4 ce, ba ta dace da kowane gefe ba. Gwada (4,18), da ke tsakanin kusurwoyin biyu: 8 + 72 = 80.

Amma ki kula, daidaituwar gangara kaɗai ba ta isa ba. Sai sharaɗin ya zama shi ne ke tare layin ribar a ƙarshe. Da an ƙara x + 2y ≤ 50, gangararsa ɗaya ce da ta ribar, amma yana can wajen yankin, ba ya tare kome. Haka kuma kada ki yarda da ido: fensir mai kauri yana sa layuka su yi kamar sun haɗu, don haka ki lissafa Z a kusurwoyin biyu. In ribar wando ta zama jikka 2.1 kawai, (10,15) zai ba da 81, (0,20) ya tsaya a 80, amsa ta koma guda.

A takardar jarrabawa ki rubuta Z = 80, a kan x + 2y = 40 da 0 ≤ x ≤ 10. Ni da tela zan shawarta, (0,20) zan ce ya ɗauka: ribar ɗaya ce, ga yadi mita 20 ya rage masa, alhali (10,15) yana cinye shi duka.