Aresta na saka wa injin wanki saboda bugun fayif, ga abin da na gani bayan wata huɗu

Tun da muka haɗa injin wanki a gidan nan muka shiga uku da wata ƙara. Duk lokacin da injin ya gama ɗibar ruwa sai ka ji gwam! a cikin bango kamar an maka guduma, wani lokacin har sau biyu a jere. Da farko share abin na yi, sai da na ga joyin ɗin bayan injin ya fara tsattsafo sannan na kira mai gyaran famfo.

Shi ne ya ce min sunan abin da Turanci wata hama, wato bugun ruwa a cikin fayif, kuma bayanin nasa ya shige ni. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, to yana cikin gudu a fayif sai bawul ɗin injin, wanda lantarki ke rufe shi, ya datse farat ɗaya, ruwan da ke tahowa a baya ba inda zai je sai ya daki bawul ɗin, ƙarfin ya koma baya yana dukan fayif. A fayif ɗin ƙarfe, ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa in ka tsayar da shi haka firesha na iya ƙaruwa da sama da bar 10 na ɗan lokaci, alhali gida bar 3 zuwa 4 ma ya ishe shi. Fayif ɗin roba yana ɗan buɗawa shi ya sa nasa bugun bai kai haka ba, amma joyin na shan wahala duk da haka. Famfo mai murɗawa a hankali ba ya kawo wannan, irin mai hannu da ake rufewa da taɓi ɗaya shi ne ke yi.

Abin da na saya ɗan ƙaramin aresta ne, bai kai tsawon tafin hannu ba, a ciki akwai fistin da iska a matse a bayansa, in ruwa ya dako sai fistin ɗin ya ja baya iskar ta shanye bugun. Na ɗauki mai bakin inci 3/4 wanda ake ɗaurawa tsakanin famfon bango da tiyon injin. Ɗaurawar ba wani aiki ba ne, na kashe ruwa, na kwance tiyo, na duba robar cikin tana zaune daidai, na ɗaure da hannu na ɗan ƙara da sifana shikenan, ko minti goma ban yi ba. Mai gyaran famfon ya ja min kunne wai dole ya zauna kusa da bawul ɗin da ke rufewa, in ka kai shi can nesa bugun ya riga ya bi fayif kafin ya iso gare shi.

Gaskiya ya yi aiki amma ba duka ba, kuma a nan ne na so in yi fushi da shi. Gwam ɗin ya tafi, saura wani ɗan kwas-kwas a saman silin. Da muka leƙa ashe wani dogon fayif ne kilif ɗinsa biyu sun cire yana lilo yana taɓa katako, wannan kam ba laifin aresta ba ne, muka sa sabbin kilif masu roba ya yi shiru.

Sai maganar firesha, wadda da ita ya kamata in fara wallahi. Mun ɗaura geji a famfo, da rana bar 5 yake nunawa, da dare da ba a jan ruwa sosai ya haura 6. Duk abin da ya wuce bar 5.5 ya yi wa gida yawa, a haka robar fistin ɗin za ta gaji da wuri, don haka muka sa bawul mai rage firesha a inda ruwa ke shigowa, aka saita shi a 3.5. Shawa ta ɗan rage ƙarfi dai, kwana biyu muka saba.

Kafin ka saya ka saurari ƙarar da kyau. In bugun na zuwa daidai lokacin da aka rufe ruwa, wata hama ce. In famfo na tari yana feso ruwa sa'ad da ka buɗe, iska ce a layi, aresta ba ruwansa da wannan, haka ma ƙas-ƙas ɗin da fayif ɗin ruwan zafi ke yi in ya ɗau zafi. Nawa dai wata huɗu ke nan bai yi yoyo ba, bango tsit, joyin ɗin da muka canza ya bushe. Fistin ɗin ba a gyara shi, ranar da bugun ya dawo sabo zan ɗaura.