Kafin Ka Biya Kuɗin Fosta, Ka San Tsayin Harafinka a Milimita

Wani ƙanina da ke koyarwa a wata Islamiyya a Unguwar Rogo da ke Jos ya zo mini da sanarwar saukar karatu da ya tsara a Word. Za a manna ta a bangon makarantar, kuma so yake mai wucewa ta tsallaken layi, wajen mita 6, ya iya karanta kanun. Ya zaɓi 72, lamba mafi girma da Word ya nuna masa a akwatin girman rubutu, ya ce: "Yaya, ai wannan shi ne ƙarshe." Ba shi ne ƙarshe ba, don akwatin yana karɓar duk lambar da ka rubuta da hannu har 1638. Amma babbar matsalar ita ce bai san girman da 72 ɗin zai fito a takarda ba, ga shi yana shirin tafiya wajen masu buga takardu a Taminus ya zaɓi tsakanin takardar A3, A2 da bana, wato ƙyallen talla na leda.

Lambar nan ana kiranta foyin, a allon kwamfuta kuma pt ake rubutawa. Foyin 72 ne inci ɗaya, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Ke nan foyin ɗaya milimita 0.3528 ne.

```
mm = pt × 0.3528
pt = mm × 2.835
```

Da a nan lissafin ya tsaya, da babu mai yin asara. Sai dai foyin ba tsayin harafin da ido ke gani yake aunawa ba. Ma'aunin ya samo asali ne tun zamanin da ake zuba haruffa da dalma, inda kowane harafi ke zaune a kan ɗan gungumensa, kuma tsayin gungumen ake aunawa, har da filin da aka bari don wutsiyar g da y. Shi ya sa babban harafi bai taɓa cike wurin ba. A salon rubutun Arial, babban H yana cin kusan kashi 72 cikin ɗari na foyin ɗin, a Times New Roman kuma kusan kashi 66. Saboda haka 72 ɗin ƙanina, da aka ce milimita 25.4 ne, harafinsa a Arial milimita 18 ne kacal. Ƙananan haruffa irin a da n sun ma fi haka gajarta, kusan rabin foyin ɗin.

Ga Arial akwai gajeriyar hanya da nake amfani da ita a ka: tsayin babban harafin da kake so a milimita, ka ninka sau huɗu, ka sami foyin.

Masu rubuta allunan talla suna da wani tsohon ƙiyasi, inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, wato kusan milimita 25 ga mita 3. Mai kaifin ido zai karanta daga nesa fiye da haka, amma sanarwar Islamiyya har da dattawa ake yi wa, wasu ma a kan babur za su gifta. Mita 6 na buƙatar milimita 50. Wanda ya tsaya a lissafin farko zai sami foyin 142, ya buga, ya ɗora rula ya ga milimita 36. Abin da ake buƙata a Arial shi ne kusan 198, a ce 200. A Times New Roman sai an kai 214.

A nan ne zaɓin takarda ya shigo, domin harafi ba tsayi kaɗai yake ci ba. Kalmar SANARWA a Arial a wannan girman tana cin faɗin kusan milimita 353.

A4 faɗinta milimita 210 ne, ba ma a maganarta. Idan aka bar milimita 10 a kowane gefe, iyakar abin da za ta ɗauka shi ne foyin 106, harafin milimita 27, wanda ya dace da allon sanarwa na cikin masallaci inda mutum zai tsaya kusa.

A3 ce mutane suka fi ruɗuwa da ita, don ita ce mai sauƙin kuɗi kuma shaguna da yawa suna da injinta. A tsaye faɗinta 297 ne, kalmar ba za ta shiga ba sai an sauko zuwa foyin 155, wato harafin milimita 39, nisan da bai kai mita 5 ba. Idan aka kwantar da ita faɗin ya zama 420, kanun ya shiga daidai, amma tsayin da ya rage bai wuce na layi huɗu ko biyar masu kauri ba. In sanarwarka rana ce da wuri da lokaci kawai, A3 a kwance ta ishe ka, kada ka ƙara ko sisi. Ta ƙanina kuwa akwai sunayen ɗalibai da manyan baƙi, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya idan aka cire sunan uban taro.

A2, mai 420 da 594, ita na ba shi shawara. Kanun ya zauna a 200, rana da wuri a foyin 68 don a karanta daga mita 2, sunaye kuma ƙanana ga wanda ya matso. Sai dai ƙaramin injin ofis ba ya buga ta, sai babban inji, don haka ka tambayi shagon tun kafin ka zauna tsarawa.

Ita bana ta leda da ƙafa ake sayar da ita. Mai ƙafa 3 da 2 milimita 914 ce da 610, ta ɗan fi A1. Tana jure ruwa, kuma wanda ya san daminar Jos a watan Agusta ba zai raina wannan ba. Don taron mako guda a cikin rani dai, ban ga dalilinta ba.

Akwai wata hanya da mutane ke bi: a tsara a A4, a kai a faɗaɗa. Ba laifi, muddin ka san foyin ɗin ma faɗaɗa zai yi. Daga A4 zuwa A3 kashi 141 cikin ɗari ne, zuwa A2 ninki biyu ne cif. Wato idan kana son 200 a A2, 100 za ka sa a A4. Rubutun foyin 12 da aka kai A3 kuwa 17 kawai zai zama, harafin da bai kai milimita 5 ba, shi ya sa irin waɗannan sanarwoyin sai an kafa hanci a bango ake karanta su. Kuma faɗaɗawa da injin fotokofi tana faɗaɗa har da dishi-dishin bugun farko. Gara a faɗaɗa daga fayil ɗin PDF.

A shagon, ga abin da nake yi. Idan da CorelDRAW suke aiki, sai in ce wa yaron ya kwafi kanun gefe, ya danna `Ctrl+Q` ya mayar da shi zane, nan take tsayinsa zai fito a milimita, babu sauran gardama. Ya yi hakan da H ɗaya ko kalma mai manyan haruffa zalla, don wutsiyar y za ta ƙara lambar. Idan PDF ka kawo, ka tabbatar an zaɓi `Actual size`, domin `Fit` yakan ɗan rage girman a ɓoye. Sannan ka duba ƙ da ɗ da ɓ. Salon rubutu na ado da yawa ba su da su, kwamfuta sai ta aro daga wani salon, harafin ya fito daban da 'yan uwansa, ko kuma akwati ya fito a gurbinsa.

Ƙanina ya buga SAN kaɗai a A4 a kwance a foyin 200, ya manna a bango, ya taka zuwa tsallaken layin da wani dattijon maƙwabcinsu. Baba ya karanta ba tare da ya matse ido ba, sai washegari aka kai aikin Taminus.