Tubali ko bulo: wanne zai ɗauki rufi, wanne ya fi sanyi?

"Jama'a, na samu fili a bayan gari, ɗaki biyu nake so in tayar. Baba ya ce in yi na ƙasa don sanyi, abokaina sun ce bulo ne gini. Anya bangon ƙasa zai ɗauki rufi ba ginshiƙi ba rodi? Kuma sanyin nan gaskiya ne ko faɗe ne kawai?"

Ɗan'uwa, zai ɗauka, kuma Baba bai faɗi ba daidai ba. Sai dai ka san cewa tubali da bulo ba hanya ɗaya suke bi wajen ɗaukar kaya ba.

Bulo da siminti yake taƙama, shi ya sa inci tara ke isar sa, a ɗora masa lintal da ginshiƙan kankare a kusurwa. Bangon ƙasa kuwa kauri ne jarinsa. Nauyin rufi yana sauka kan azara, azara ta miƙa wa bango, bango ya kai shi ƙasa a miƙe. Ƙasa busasshiya tana jure danni sosai, abin da ba ta so shi ne ja da lanƙwasa.

Bari mu yi lissafi da ɗaki mai faɗin mita 3. Ɗauki mita ɗaya na bango, kaurinsa santimita 50, tsayinsa mita 3. Ƙasar da ke ciki za ta kai kilo 2,500 ko sama kaɗan. Rufin soro mai kaurin santimita 20, rabon da zai faɗo kan wannan mita ɗayan, har da azara, wajen kilo 600 ne. Duka kilo 3,100 ke nan, suna zaune a kan gindi mai santimita 100 sau 50. In ka raba, kowane murabba'in santimita bai ɗauki ko kilo ɗaya ba, alhali tubali mai kyau da ya bushe yana jure kilo 10 ko fiye kafin ya murƙushe. Ka ga ashe bangon bai ma san an ɗora masa kaya ba.

To me ya sa ake kaurin? Don kada bango ya karkata, kuma don a samu rarar da damina za ta ci. Magina na fara gindi da faɗi, layin tubali uku ko huɗu, suna tsukewa in sun yi sama. Tubalinmu mai ƙirar tulluwa ana jera shi gindi a ƙasa, tsini a sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓen birji mai ramno, wato ciyawar da ake cuɗawa a ƙasar gini, a bar layin ya sha iska kafin a ɗora wani. Magini mai gaggawa da ya tayar da bango a ɗanye, za ka ga cikin bangon ya turo kamar tulu. Irin wannan tsukewa ce ta riƙe hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, ita ce kuma ta riƙe gidajen Shibam na ƙasar Yaman, inda ake da benaye na tubalin laka masu hawa biyar zuwa sama.

Inda bulo ya fi shi a fili shi ne faɗin ɗaki da girman taga. Azara ba ta son ta haura mita 2 ba tallafi, sai an yi mata tauyi, wato guntayen azara da ake turowa daga saman bango su tallafe ta, ko an ɗaura baka, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Wannan aikin gwanaye ne, kuma sun yi ƙaranci. Taga ma ƙarama ake yi, nesa da kusurwa, domin duk inda ka huda bango ka tara nauyi a ɗan abin da ya rage. In falo kake so mai ƙatuwar taga, ka nemi bulo ka huta.

Maganar sanyi kuma, bangon ƙasa ba ya ƙirƙirar sanyi. Jinkiri yake yi wa zafi. Rana ta bugi bayan bango, zafin ya kama hanya a hankali cikin ƙasar, yana tafe ana shanye shi. A bango mai santimita 40 zuwa 50 sai ya yi awa goma ko fiye kafin ya leƙo ciki, kuma ya iso a raunane. Zafin azahar sai tsakar dare yake shigowa, lokacin da waje ya huce, ka buɗe ƙofa iska ta kwashe shi. Da asuba bangon ya sha sanyi, shi zai yi ta ba ka har la'asar. Bulo mai rami bai da wannan jiki: cikin 'yan awoyi zafi ya ratsa, shi ya sa ɗakin bulo yake zama tanda daga la'asar zuwa bayan isha'i, ka jingina da bangon yamma ka ji shi kamar bayan tukunya.

Dabarar tana cin nasara ne saboda irin yanayinmu, inda rana da dare suka yi hannun riga. A Kano ko Damagaram tazarar zafin rana da na dare takan kai digiri 15 a lokacin rani. Da hunturu ma ribar juyawa take yi, ɗakin ƙasa ya kwana da ɗumi mai bulo yana neman bargo. A kudu inda iska ke da laima, dare bai cika hucewa ba, bangon ba ya samun damar sauke kayansa, ga ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ko a nan ɗin, in bazara ta tsananta gab da faɗuwar ruwa, dare ya ƙi sanyi, soro ma riƙe zafi yake yi. Ai kakanninmu a tsakar gida suke kwana a wannan lokacin, ba don ba su da ɗaki ba.

Kada kuma ka gina bangon ƙasa ka kifa masa kwano tsirara. Yawancin zafin daga sama yake zubowa. Ko dai rufin soro, ko kwano da silin da iska tsakani.

Ruwa shi ne ajalin ginin ƙasa, kuma daga gindi yake kamawa. Bulo zai jiƙe ya bushe yana tsaye. Ƙasa in ta jiƙe, wancan kilo 10 da muka lissafa narkewa yake yi. A gidanmu na gado an taɓa yi wa bangon zaure filasta da siminti, wai don a huta da yaɓe. Shekara uku yana sheƙi. Wata rana na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa na ji yana amsawa kamar ganga. Da muka ɓamɓare, ƙasar da ke baya ta zama gari mai danshi, gara ta yi hanya a ciki, hannuna ya shige har wuyansa. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma danshin da ya hau daga tushe ya rasa mafita. Makuba da laso da yaɓen ƙasa suna barin bango ya yi numfashi, amma sai ka dinga sabuntawa kafin damina. Alamomin da za ka sa wa ido: farin gishiri da zaizaya a gindi, tsaga a karkace daga kusurwar ƙofa, da indararon da ya toshe ko yake zuba a jikin bango.

Da ni ne, filin zan fara dubawa cikin watan Agusta. In ruwa na kwanciya, ko fadama ce, bulo kai tsaye. In tudu ne kuma akwai jan birji kusa, sai in yi tushe da dutse ko bulo cikakke, in tayar da shi kamar santimita 50 sama da ƙasa, in shimfiɗa leda mai kauri, sannan in ɗora tubali, in zuro bakin rufi waje sosai. Ka tafi da Baba wajen zaɓen magini, kuma ka ce a nuna maka ginin da mutumin ya yi wanda ya ga damina goma.